Mararrabar da mita ke nuna sifili: yadda of-amf ke tara sigina

Duk wanda ya taɓa buɗe miksa, wato akwatin nan da ake jona wa makirufo uku ko huɗu a wajen biki ko wa'azi, ya bi sigina da na'urar awo daga inda ta shigo, zai iske wani wuri mai ɗaure kai. Sigina tana nan a bakin soket, tana nan bayan maɓallin ƙara murya, tana nan a ƙafar farko ta wani ɗan resista. Da ka ɗora tsinken awo a ɗaya ƙafar resistan, shiru, babu komai. Ka matsa gaba kaɗan zuwa ƙafar fita ta aisi, sai ga sigina ta dawo da ƙarfinta, har ma ta haɗo muryoyin duka makirufon. Yaron shago da bai daɗe da fara koyo ba zai rantse cewa layin nan ya mutu ko ya taɓa ƙasa, ya kama neman inda dalma ta zuba. Alhali lafiya lau yake. Wannan shirun shi ne alamar cewa da'irar tana aikinta, kuma wanda ya gane dalilinsa ya gane rabin abin da ake yi da of-amf.

Of-amf ƙaramin amfilifaya ne da ke cikin aisi. Wanda ya fi shahara shi ne 741, mai ƙafa takwas, wanda David Fullagar ya tsara a kamfanin Fairchild a 1968, kuma har yau ana sayar da shi a shagunan kayan gyaran rediyo. Ƙafafunsa biyar ne suka dame mu. Ƙafa ta 7 da ta 4 su ke karɓar wutar da yake ci, ɗaya fozitib ɗaya nagatib. Ƙafa ta 6 ita ce mafita. Sai ƙofofin shiga biyu: ƙafa ta 3 mai alamar tarawa, da ƙafa ta 2 mai alamar ɗebewa. Aikinsa guda ɗaya ne tak. Yana duba bambancin boltej da ke tsakanin ƙofofin nan biyu, ya ninka shi, ya fitar.

```
Vout = A × (V+ − V−)
```

Harafin A shi ne yawan ninkin. A 741 yakan kai kimanin 200,000. Idan ƙafa ta 3 ta ɗara ta 2, mafita ta haura sama. Idan ƙafa ta 2 ce ta ɗara, mafita ta gangara ƙasa da sifili. Ninki irin wannan ya yi yawan da ba za a iya amfani da shi tsirara ba, domin bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba ya isa ya kai mafita ƙarshen iyakarta. Maganin da injiniyoyi ke yi shi ne su ɗauki resista su haɗa mafita da ƙafa ta 2, ta yadda duk abin da ya fita zai waiwayo ya rage abin da ya jawo shi. Harold Black na ɗakin binciken Bell a Amurka ne ya fito da wannan dabara ta mayar da sigina baya a 1927, tun zamanin da amfilifaya ke aiki da kwalaben bal.

Idan ana lissafi a takarda, akan ɗauka cewa of-amf ɗin cikakke ne marar aibi. Ma'anar haka abu biyu ne: ninkinsa ba shi da iyaka, kuma ƙofofin shigarsa ba sa shan karant ko kaɗan. Daga na farkon ne ake samun abin da muke nema. Dubi lissafin da ke sama. Mafita ba za ta wuce 'yan bolt ba, tunda wutar da aka ba aisin ke nan. To idan Vout 'yar ƙarama ce, A kuma ƙato ne marar iyaka, dole bambancin da ke cikin baka ya zama sifili. Wato ƙafa ta 2 da ta 3 suna kan boltej ɗaya, kamar an ɗaure su da waya, alhali babu wata waya a tsakaninsu kuma babu karant da ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Wannan shi ne haɗin da babu waya. Idan kuma aka kai ƙafa ta 3 layin ƙasa, wato sifilin da'irar, ƙafa ta 2 ma za ta zauna a sifili ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Sai mu ce tana kan ƙasar aro.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe da kyau shi ne, wannan sifili ba halittar aisin ba ce. Aiki ne da yake yi a kowane lokaci. Ka tuna mai awon nama da sikeli mai faranti biyu: duk abin da aka ɗora a wannan faranti, sai ya ƙara ko ya rage dutsen awo a wancan har allura ta tsaya a tsakiya. Allurar ita ce ƙafa ta 2, duwatsun awon kuwa boltej ɗin mafita. Allura na tsakiya ne saboda akwai mai ƙoƙarin tsayar da ita, kuma ranar da aka ɗora kayan da suka fi duwatsun da yake da su nauyi, za ta karkace. Za mu zo kan wannan ranar.

Yadda ake ɗaure da'irar

Da'irar tarawa ba ta da kaya da yawa. Ƙafa ta 3 ta tafi ƙasa. Kowace sigina da ake so a tara ta biyo ta nata resistan ta sauka a ƙafa ta 2: ta farko V1 ta bi R1, ta biyu V2 ta bi R2, ta uku V3 ta bi R3. Sannan resista guda, Rf, ya taso daga ƙafa ta 6 ya dawo ƙafa ta 2. Ke nan resista huɗu sun haɗa kai a wuri ɗaya, kuma wannan wuri shi ne mararrabar da muka ce mita na nuna sifili.

Bari mu sa lambobi, domin a nan ne abin ke fitowa fili. A ce mun ba aisin batir biyu masu bolt 9, ɗaya sama da sifili ɗaya ƙasa da shi. Sigina ta farko bolt 1 ce, ta bi resista mai kilo-om 10. Ta biyu bolt 3, ta bi mai kilo-om 20. Ta uku nagatib ce, rabin bolt ƙasa da sifili, ita ma ta bi mai kilo-om 10. Rf kuma kilo-om 20.

Tunda mararraba tana sifili, kowane resista yana da siginarsa a ƙafa ɗaya da sifili a ɗayar. Dokar Ohm ta wadatar: karant shi ne boltej a raba da resistan.

```
I1 =  1 V   / 10 kΩ =  0.10 mA
I2 =  3 V   / 20 kΩ =  0.15 mA
I3 = −0.5 V / 10 kΩ = −0.05 mA
```

Biyu na farko suna zuba karant cikin mararraba, ta ukun tana janyewa. Idan aka tara, abin da ya rage yana shigowa shi ne mili-amfa 0.20. Ina zai je? Dokar Kirchhoff ta ce duk karant ɗin da ya shiga mararraba sai ya fita, ba ya taruwa a can. Ba zai shiga aisin ta ƙafa ta 2 ba, domin mun ce ƙofar ba ta sha. Ba zai zurare ƙasa ba, domin babu wayar da ta haɗa wurin da ƙasa. Hanya ɗaya ta rage masa, ita ce Rf. Karant kuwa daga sama yake gangarawa ƙasa, saboda haka kafin mili-amfa 0.20 ya bar sifili ya ratsa kilo-om 20, dole ɗaya ƙarshen ya kasance bolt 4 ƙasa da sifili. Wancan ƙarshen shi ne mafita.

```
Vout = −Rf × (V1/R1 + V2/R2 + V3/R3)
     = −20 kΩ × 0.20 mA
     = −4 V
```

Shi ke nan lissafin ya ƙare. Ba mu nemi sanin transista nawa ne a cikin aisin ba, ba mu ma yi amfani da lambar 200,000 ba. Resista huɗu ne suka yanke hukunci. Alamar ɗebewa da ke gaba tana nuna cewa da'irar tana juya sigina: abin da ya shigo fozitib yana fita nagatib. A harkar sauti wannan ba ya damun kunne, kuma idan ana so a miƙe shi sai a ƙara wani mataki mai juyawa a gaba, juyi biyu su koma daidai.

Akwai wata hanyar karanta sakamakon da ta fi amfani ga mai tsara da'ira. Kowace sigina tana da nata nauyi, wanda shi ne Rf a raba da resistanta. Ta farko an ninka ta biyu, ta ba da bolt 2 nagatib. Ta biyu an bar ta yadda take, ta ba da bolt 3 nagatib. Ta uku an ninka ta biyu, kuma da yake nagatib ce tun asali, ta juyo ta zama bolt 1 fozitib. Biyu da uku biyar, a cire ɗaya, saura huɗu. Idan kana son muryar liman ta fi ta mai fassara ƙarfi, ka rage resistan layinsa. Idan kana son ƙara ko rage kowa da kowa gaba ɗaya, ka taɓa Rf. Idan duk resistocin shiga iri ɗaya ne da Rf, tarawa ce zalla. Idan kuma layi uku ne masu kilo-om 30 kowanne, Rf kuma kilo-om 10, abin da zai fito shi ne matsakaicin siginonin uku.

Me ya sa ba za a murɗe wayoyin kawai ba

Mai karatu zai iya cewa, to me ya kawo aisi cikin maganar? A haɗa resistocin wuri ɗaya mana, a ɗauki abin da ya fito. Ana yin haka, kuma yana da kyau a ga abin da ke faruwa. Ɗauki sigina biyu na farko kaɗai, bolt 1 ta kilo-om 10 da bolt 3 ta kilo-om 20, ka haɗa ƙarshensu ba tare da of-amf ba. Mararrabar za ta tsaya a kusan bolt 1.67. Wannan ba jimla ba ce, wani abu ne a tsakani. Abin da ya fi muni, tunda 1.67 ta fi 1, karant zai riƙa komawa baya ta R1 yana shiga cikin na'urar da ke ba da sigina ta farko. Layi na biyu yana tura kansa cikin na farko ke nan. Ka jona na uku, lambobin duka su sake canzawa. A miksa irin wannan, da an zare makirufo ɗaya sai ƙarfin sauran ya motsa, da an murɗa maɓallin wannan sai a ji shi a wancan.

Ƙasar aro ita ke kashe wannan rigima. Kowace sigina idan ta leƙo ta cikin resistanta, sifili take gani, ko layi biyu ne a mararrabar ko goma sha shida. Karant ɗin I1 bai san da zaman V2 ba. Shi ya sa a cikin miksa za ka ga doguwar layin tagulla guda ta ratsa allon daga wannan gefe zuwa wancan, kowane layin makirufo yana sauke mata resista ɗaya, ita kuma ta ƙare a ƙafar ɗebewa ta of-amf. Sauti yana tafiya a kanta a matsayin karant, ba boltej ba, don haka na'urar da ke auna boltej ba ta ganinsa.

Ba don kiɗa aka fara ƙirƙiro wannan da'ira ba. Karl Swartzel, shi ma na ɗakin binciken Bell, ya nemi rajistar amfilifaya mai tarawa a 1941, kuma an yi amfani da ita lokacin yaƙin duniya na biyu a cikin na'urar M9 da ke lissafa inda bindigar harbo jirgin sama za ta saita. A can boltej yana wakiltar nisa ne ko gudu, kuma ana buƙatar a tara su nan take. Irin wannan aikin lissafi da wuta shi ya ba of-amf sunansa, wanda ya bayyana a wata maƙala ta John Ragazzini da abokan aikinsa a 1947.

Akwai wani sakamako da ke biyo bayan ƙasar aro wanda ake yawan mantawa. Tunda ƙarshen R1 yana sifili, na'urar da ke ba da V1 tana ɗauke da nauyin R1 gaba ɗaya, kamar an jona shi kai tsaye zuwa ƙasa. Mutane kan ji an ce ƙofar of-amf ba ta shan karant, sai su ɗauka da'irar ma ba ta sha. Tana sha, kuma R1 ne ke faɗin nawa. Idan na'urar da ke ba da siginar tana da nata resistan na ciki, a ce kilo-om 1, to sai a tara shi da R1. Ninkin da ka lissafa 20 a raba da 10 ya koma 20 a raba da 11, wato 1.82 maimakon 2. Wanda ya auna ya ga bolt ɗinsa bai cika ba, nan ya kamata ya fara dubawa kafin ya zargi aisi.

Sifilin nan, sifili ne da gaske?

Ba cikakke ba ne, kuma za mu iya faɗin ko nawa ne. A misalinmu mafita tana bolt 4 nagatib, ninkin 741 kuma 200,000. Raba huɗu da dubu ɗari biyu, ka sami maikuro-bolt 20, wato kashi ashirin cikin miliyan na bolt ɗaya. Wannan shi ne ainihin abin da ke ƙafa ta 2, kuma fozitib ne, domin sai ƙafa ta 2 ta ɗan ɗara ta 3 kafin mafita ta sauka. Da sifili ne cif, da mafita ma sifili ce. Wannan ɗan ƙyas ɗin shi ke riƙe da dukkan aikin. Amma idan ka kwatanta shi da bolt 1 da ke ɗaya gefen R1, kuskuren da muka yi da muka kira shi sifili kashi ɗaya ne cikin dubu hamsin. Resistan da ke hannunka mai zoben zinariya yana iya kaucewa da kashi biyar cikin ɗari. Ke nan kuskuren resista ya ninka na zaton da muka yi sau dubbai, kuma wannan ne ya sa nake ganin babu laifi ko kaɗan a koya wa ɗalibi ya rubuta sifili da gaba gaɗi, muddin an koya masa sharaɗin da ke tare da shi.

Sharaɗin kuwa shi ne mafita ta iya kaiwa inda lissafi ya aike ta, kuma hanyar komawa ƙafa ta 2 tana nan a buɗe. Mu karya na farko mu gani. Ka ɗaga V1 daga bolt 1 zuwa 4, sauran ka bar su. Lissafi zai ce takwas da uku sha ɗaya, a cire ɗaya, mafita ta je bolt 10 nagatib. Amma batirinmu bolt 9 ne, kuma 741 ba ya ma kaiwa bakin batirin, yakan tsaya da saura bolt ɗaya da rabi ko makamancin haka. A ce ya maƙale a 7.5. Duwatsun awo sun ƙare. Yanzu karant ɗin da ke shigowa ya fi wanda Rf ke iya kwashewa, sai mararraba ta tashi daga sifili har sai lissafin Kirchhoff ya daidaita da kansa:

```
V− = (4/10 + 3/20 − 0.5/10 − 7.5/20) / (1/10 + 1/20 + 1/10 + 1/20)
   = 0.125 / 0.3
   ≈ 0.42 V
```

Daga maikuro-bolt 20 zuwa kusan rabin bolt. Wannan kowace mita ta kasuwa za ta nuna shi. A sauti, wannan hali shi ne lokacin da aka ƙure murya lasifika ta fara gurnani, domin an aske kan igiyar sautin ta sama da ta ƙasa. A daidai waɗannan lokutan kuma katangar da ke tsakanin layuka ta faɗi, tunda mararraba ba ta sifili.

Daga nan ake samun hanyar bincike mafi sauƙi da na sani a wannan fanni. Ka kunna da'ira, ka sa baƙin tsinken mita a ƙasa, ka taɓa ƙafa ta 3 da jan, sannan ka taɓa ƙafa ta 2. Idan lambobin biyu sun yi daidai, ko sun bambanta da 'yan mili-bolt, of-amf yana riƙe da ragamarsa, matsalar tana wani wuri. Idan sun rabu sosai, sai ka auna ƙafa ta 6. Ka same ta manne kusa da ɗaya daga cikin layukan wuta, to ɗayan uku ne: an cika sigina, ko Rf ya yanke, ko an juya ƙafafun shiga. A misalinmu na farko, idan dalmar Rf ta saki, mararraba za ta nuna bolt 0.8, wanda shi ne abin da resistocin shiga uku za su samar su kaɗai, mafita kuma ta faɗa can ƙasa ta zauna. Idan kuwa an kai Rf ƙafa ta 3 bisa kuskure, abin da ya fita zai riƙa ƙara wa kansa ƙarfi maimakon ragewa, mafita ta tsere gefe ɗaya ta maƙale. A takarda, mai lissafin da bai lura ba zai iya rubuta cewa ƙafafun biyu daidai suke ya fitar da amsa mai kyan gani, alhali a kan allo ba haka abin yake ba. Saboda haka kafin a rubuta sifili, a bi Rf da yatsa a tabbatar ƙafar ɗebewa ya sauka. Sai idan ƙafafun shiga sun rabu, mafita kuma tana shawagi a tsakiya ba ta yi komai a kai ba, wutar aisin ma tana nan, sannan ne za a ce aisin ya ƙone.

Saurin sigina ma yana cin sifilin. Ninkin 200,000 na siginar da ba ta motsi ne ko mai motsi a hankali ƙwarai. Da sauri ya ƙaru, ninki sai ya yi ta raguwa, har ya koma ɗaya a wajen megahaz 1 ga 741. A kilohaz 10, wanda sauti ne siriri da kunne ke ji, ninkin ya sauko kusan 100 kacal. Fitar da bolt 4 a nan yana buƙatar mili-bolt 40 a ƙafa ta 2, ba maikuro-bolt 20 ba. Har yanzu ƙarami ne, amma ya fara shiga lissafi. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu ƙera miksa suka fi son TL072 ko NE5532, waɗanda suka fi 741 sauri kuma suka fi shi ƙarancin shuu. Su biyun of-amf biyu ne a gida ɗaya, don haka lambobin ƙafafunsu sun bambanta: mafitar na farko tana ƙafa ta 1, wutar fozitib kuma tana ta 8, amma ƙafa ta 2 da ta 3 suna nan a matsayinsu.

Yawan layuka kuma yana da kuɗinsa, ko da yake lissafin cikakken of-amf bai nuna ba. Kowane aisi na gaske yana da ɗan karkata na haihuwa tsakanin ƙofofinsa, mili-bolt ɗaya ko biyu a 741, da ɗan shuu nasa na ciki. Waɗannan ba a ninka su da Rf a raba da R1. Ana ninka su ne da ɗaya a tara da Rf a raba da dukkan resistocin shiga idan an jera su kafaɗa da kafaɗa. A da'irarmu resistocin uku sun tashi kilo-om 4, ninkin ya zama 6, karkatar mili-bolt 2 ta fito a matsayin 12. A miksa mai layi 16 da resistoci iri ɗaya, kowace murya ninki ɗaya take samu, amma shuu ɗin aisin ana ninka shi sau 17, ko da an rufe maɓallan duka, matuƙar resistocin suna jone da ƙasa ta bayan maɓallan.

Batir ɗaya

Kuskuren da ya fi kama masu koyo a wajenmu daga wutar da ake da ita yake tasowa. Littafi yana zana da'irar da wuta biyu, fozitib da nagatib, amma abin da ke hannun mutane batir ɗaya ne mai bolt 12, na mota ko na sola. Sai mutum ya kai ƙafa ta 7 fozitib, ya kai ƙafa ta 4 da ta 3 duka nagatib ɗin batir, ya shigar da bolt 1, ya zauna jiran bolt 2 nagatib. Ba za ta zo ba, domin babu abin da ke ƙasa da sifili a da'irar da aisin zai ɗebo. Sharaɗin ya karye tun kafin a fara. Ko LM358, wanda aka yi shi don wuta ɗaya kuma mafitarsa ke iya sauka dab da sifili, ba zai iya wuce sifilin ba.

Gyaran shi ne a ƙirƙiri tsakiya. A jera resista biyu iri ɗaya, a ce kilo-om 47 kowanne, daga fozitib zuwa nagatib, a ɗauki bolt 6 daga tsakaninsu a kai ƙafa ta 3, a sa kafasita daga nan zuwa ƙasa don ya shanye ƙazantar wuta. Haɗin da babu waya yana nan yadda yake, sai dai yanzu ƙafa ta 2 za ta bi ta 3 ta zauna a bolt 6. Ƙa'idar dama ba ta ce ƙafa ta 2 sifili ce ba, cewa ta yi daidai take da 'yar'uwarta. Don kada wannan bolt 6 ya tura karant baya cikin makirufo ko rediyo, sai a sa kafasita a gaban kowane resistan shiga, wani kuma a mafita. Sauti zai ratsa kafasitocin, tsayayyar wuta ba za ta ratsa ba, mafita kuma za ta riƙa lilo sama da ƙasa da bolt 6 gwargwadon lissafin nan na Rf da resistocin shiga. Girman kafasitan yana da ruwa da tsaki: maikuro-farad 1 a gaban kilo-om 10 yana fara rage sautin da ke ƙasa da haz 16, wanda ya yi daidai, amma idan aka sa mai kashi ɗaya cikin goma na wannan, yankan zai hau haz 160, ganga da muryar namiji mai kauri su fito a rame. A irin wannan allo, mai gyara ya sa ran ganin bolt 6 a ƙafa ta 3, da ta 2, da mafita, duka uku, lokacin da babu mai magana a makirufo.